Ruwa daga banɗakin sama ya ɓata mini silin karo na huɗu, ku duba mini wasiƙar nan kafin in kai wa mai gida

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haya a Hanwa, gidan bene mai fulat huɗu, ni ina ƙasa. Tun watan Maris ruwa ke ɗigowa daga sama a kusurwar ɗakin yarana, daidai ƙarƙashin banɗakin maƙwabcina. Ya yi a Maris, ya yi a Yuni, ya yi a Satumba, ga shi yanzu a Disamba ya dawo, kuma ya fi na baya. Sau biyu kiyateka yana kawo mai fenti ya shafe wurin, ba a wata biyu sai tabon ya sake fitowa. Jiya da asuba na shiga tashin yara salla na tarar katifar Ilham ta jiƙe ta gefen ƙafa, piyopin ya kumbura ya yi ciki kamar faifai. Na gaji da magana ta baki. Ga abin da na rubuta:

"Alhaji, na gaji da wannan wulaƙanci. Wata tara ke nan ruwa na zubo mana, kullum sai alƙawari. Idan ba a gyara ba cikin sati ɗaya zan gyara da kuɗina in cire daga kuɗin haya, ko mu haɗu a kotu."

Hayata za ta ƙare ƙarshen Fabrairu. Me kuka gani?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam. Allah ya kyauta. Mu ma haka muka sha a Hayin Dogo, ashe ƙusoshin kwano ne suka saki. Ka sa kafinta ya hau ya bi kan ƙusoshin da kwalta, ko ya canja fallen da ya huje. Aikin yini ɗaya ne, ba sai an kai ga wasiƙa ba.

Baban Ilham: Ɗan uwa, babu kwano a kaina. Dekin ne, akwai mutane a samana. Kuma rabonmu da ruwan sama tun Oktoba, yanzu hunturu ake, leɓe ma tsagewa yake yi.

Ɗan Samaru: Af, ban lura ba. Yi haƙuri.

Abba Kongo: Yaya, wasiƙarka ta yi daidai, ƙara mata zafi ma za ka yi. Doka ta ɗora wa mai gida gyaran duk abin da ya shafi ginin kansa. Akwai dokar haya ta 2011 da ta fayyace wannan. Ka gyara, ka ajiye rasit, ka cire kuɗinka a Fabrairu. Babu abin da zai iya yi maka.

Anti Barista: Abba, dokar 2011 da kake nufi ta Jihar Legas ce, ba ta aiki a Hanwa. Farkon maganarka yana kan hanya, domin a yawancin yarjejeniyoyin haya gyaran gini da bututun da ke cikinsa na mai gida ne, ɗan haya kuma yana kula da ƙananan abubuwan cikin ɗaki. Amma ƙarshenta zai iya jefa bawan Allah a rami. Idan ka cire kuɗi daga haya ba tare da mai gida ya yarda a rubuce ba, abin da za a fara gani shi ne ba ka cika kuɗin haya ba. Ka shiga kotu kana mai gaskiya, ka koma mai kare kanka.

Baban Ilham, ɗauko takardar yarjejeniyarku ka karanta mana abin da ta ce kan gyara.

Baban Ilham: Anti, shafi biyu ce. Ta ce ɗan haya zai kula da cikin gida ya mayar da shi yadda ya same shi, mai gida kuma zai kula da rufi da bango da manyan bututu. Ta kuma ce kada ɗan haya ya fasa ko ya canja wani abu a ginin sai da izini a rubuce.

Anti Barista: To ka ga abu biyu. Na farko, layin nan na "ya mayar da shi yadda ya same shi" shi ne babban dalilin da ya sa dole ka rubuta wasiƙa. Ranar da za ka tashi, silin ɗin nan da ya lalace za a iya cewa a hannunka ya lalace, a riƙe maka kuɗin ajiya. Takardar da ke nuna ka sanar tun da wuri ita ce za ta tsaya maka. Na biyu, ba ka da izinin fasa komai, balle banɗakin da ba a fulat ɗinka yake ba. Barazanar "zan gyara da kuɗina" ba za ka iya cika ta ba, kuma Alhaji ya san haka.

Baba Falamba Muciya: Salamu alaikum. Na karanta duka. Ɗana, kafin maganar kotu, ni abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne kalmar "a gyara". A gyara me? Ai sau biyu an gyara maka a ganinsu, an kawo mai fenti. Idan ka sake cewa a gyara, mai fentin zai dawo karo na uku, Alhaji kuma ya ce ya yi abin da ka nema. Dole takardar ta faɗi inda ruwan yake fitowa, ko ta nemi a gano wurin.

Ruwan da ke ratso dekin daga banɗaki hanya uku yake bi. Ko bututun da ke kawo ruwa daga tanki ya tsage a cikin bango, ko bututun da ke fitar da ruwa ya saki a mahaɗa, ko kuma daɓen banɗakin kansa ne ke shan ruwa ta tsakanin tayil. Kowanne da halinsa. Amsa mini waɗannan. Ɗigar dare da rana take yi, ko tana da lokaci? Ruwan yana wari? Wane launi tabon yake?

Baban Ilham: Baba, ba kullum take ba. Takan fara wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe, ta yi ƙarfi zuwa tara, kafin azahar ta tsaya. Da dare ma takan ɗan yi bayan isha'i. Ranar Asabar ta fi yawa, ranar nan sai da bokitin fenti ya kai rabi. Babu warin masai, sai ɗan ƙamshin sabulu. Tabon da fari ne da wani gari-gari kamar kanwa a bakinsa, amma tun Satumba tsakiyarsa ta koma ja-ja. Wani abu kuma, a Oktoba maƙwabtan sun yi tafiya ta kwana biyar, wurin ya bushe ƙaƙas.

Baba Falamba Muciya: Madalla, ka riga ka yi rabin aikin falamba da idonka. Bututun da ke kawo ruwa kullum cike yake, tanki na danna shi, don haka in shi ne ya tsage ba ya hutu, da tsakar dare ma za ka ji ɗis, ɗis. Naka kuwa yana bin lokacin wanka, Asabar kuma ranar wanki ce. Rashin wari ya rage zargin masai. Saura biyu ke nan, bututun rariya ko daɓen.

Amma kada ka yi saurin dogara da tafiyar Oktoban nan. Mutane da yawa in za su yi tafiya sukan rufe bawul ɗin da ke shigo musu da ruwa. In sun rufe, bushewar ba ta wanke bututun tanki ba. Je ka tambaye shi.

Jan tabon nan shi ne abin da ban so ji ba. Farin garin gishirin siminti ne da ruwa ke wankowa, wannan da sauƙi. Ja kuwa tsatsa ce. Ko dai wayar da aka rataye piyopin da ita ce ke ci, ko rodin cikin dekin. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren da ke rufe da shi daga ciki, wata rana ka ga ɓawon kankare ya faɗo. Wannan ba aikin wata ɗaya ba ne, a hankali yake yi, amma shi ne abin da zai sa mai gida ya tashi tsaye, domin gininsa ne ke ciwo. Ka sa shi a takardar.

Maman Sadiq: Don Allah Baban Ilham, kafin wasiƙa da komai, ka fitar da yaran daga ɗakin nan yau ɗin nan. Mu a Tudun Wada haka namu ya yi ciki, muna cewa gobe, gobe. Ranar wata Laraba ina ninke kaya a falo na ji ƙara kamar an yar da buhu. Na shiga na ga piyopi ya rufto a kan gadon Sadiq, guntun da ya fi girma da hannu biyu na ɗaga shi, jiƙe sharkaf, ruwa baƙi ya fantsama har jikin labule. Minti goma kafin nan yaron yana kwance a wurin. Har yau in na tuna jikina rawa yake yi. Mu ba mu rubuta komai ba, da muka tashi kuɗin gyaran a kanmu aka ɗora.

Baban Ilham: Innalillahi. Allah ya ƙara tsarewa, Maman Sadiq. Yanzu na kira uwargida ta kwashe su zuwa ɗakinmu.

Baba Falamba Muciya: Ta faɗi gaskiya. Piyopi in ya sha ruwa nauyi yake yi, ƙarfinsa kuma ya tafi. Ka kashe wutar ɗakin daga akwatin wuta, ba daga makunnin bango kawai ba, domin ruwa yakan bi bututun wayarin ya fito ta wurin fanka ko kwan fitila. Bayan ka kashe, ka ɗauki hoto tukuna, sannan ka sa bokiti, ka tsaya gefe, ka huda ƙaramin rami da ƙusa a inda cikin ya fi saukowa, ruwan da ya taru ya fita. Ka gaya wa kiyateka kafin ka huda, kada a ce kai ka ɓata.

Hajiya Gyallesu: Ni bari in yi magana ta ɓangaren masu gida, don ina da 'yan haya. Baban Ilham, ka tabbata Alhajin ya san an yi sau huɗu? Ni an taɓa shekara ana kai kuka wurin yaron da ke kula mini da gida, abin da yake gaya mini kawai shi ne "an ɗan taɓa fenti". Da ka aiko mini da irin wasiƙarka ta farko, kalmar wulaƙanci kaɗai zan gani, zuciyata ta hau, sauran ba zan karanta ba. Mutum dattijo, ka buɗe masa da kotu? Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka faɗi abin da ya faru da ranakunsa, ka nuna masa asarar da shi zai yi.

Kuma a yi adalci. Ba kullum laifin gini ba ne. Akwai masu toshe rariya da tsumma su tara ruwa a ƙasan banɗaki suna wanki, ruwa ya kwanta awa uku. Wane daɓe ne zai jure? In haka ne, na sama shi ya kamata ya biya.

Baba Falamba Muciya: Hajiya, Allah ya ƙara girma, a nan zan ɗan saɓa miki. Banɗakin bene da aka yi shi daidai, ko an tara ruwa yini guda bai kamata ya ɗiga ba. Haka ma ake gwada shi kafin a sa tayil. Tayil ba ya hana ruwa, ado ne da sauƙin wankewa. Abin da ke hana ruwa yana ƙarƙashinsa, shimfiɗar kwalta ko maganin hana ruwa da ake shafawa a kan dekin, a ɗaga shi jikin bango kamar taƙi guda, a naɗe shi har cikin wuyan rariya. Gidaje da yawa da na fasa, babu komai a ƙasa, yashi da siminti ne kawai aka ɗora tayil. Shekarun farko lafiya, da simintin tsakanin tayil ya fara zaizayewa sai ruwa ya samu hanya. Wankin na sama yana ƙara yawan ruwan, amma ba shi ya buɗe hanyar ba.

Hajiya Gyallesu: Na ji, Baba. Amma ni dai ban yarda mai gida shi kaɗai zai ɗauki komai ba in an ga na sama yana da sakaci.

Baban Ilham: Na hau sama bayan la'asar. Maƙwabcina mutumin kirki ne, ya ma ji kunya, ya ce kiyateka ya gaya masa ruwan damina ne ke bin bango. Ya ce da suka yi tafiya ba su rufe bawul ba, bai ma san inda yake ba. Na duba banɗakin. Tayil uku kusa da rariya in ka ƙwanƙwasa suna ƙara kamar ganga, layin da ke tsakaninsu ya zama rami, ƙusa tana shiga. Ruwa kuma ba ya gangarawa rariya gaba ɗaya, yana kwanciya a kusurwar bayan ƙofa. Matarsa takan yi wanki a ciki ranar Asabar, amma a baho, ba ta toshe komai.

Baba Falamba Muciya: To bututun tanki ya fita daga zargi. Saura gwaji ɗaya da za ku iya yi ba tare da ɓata komai ba. Ku bar banɗakin ya kwana ba a yi amfani da shi ba, su yi wanka a ɗaya banɗakin. Da safe ka kaɗa bula a bokiti biyu, ruwan ya yi shuɗi sosai. Ka cire murfin rariya, ka sa mazurari ko guntun tiyo, ka zuba kai tsaye cikin bututun, kada ko ɗigo ya taɓa tayil. Ka sauka ka jira awa biyu zuwa uku. In shuɗi ya fito, bututun ne ko mahaɗarsa. In bai fito ba, daɓen ne.

Gwaji na ƙarshe shi ne a toshe rariya a tara ruwa kamar yatsa biyu a kwance, a bar shi awa 24. Wannan kada ka yi shi da kanka. Zai iya ƙara jiƙa silin, a ce kai ka jawo. Ka nema a wasiƙa a yi shi a gaban wakilin Alhaji.

Abu ɗaya kuma, inda ruwa ya ɗigo ba lallai nan ne saitin inda ya shiga ba. Yakan yi tafiya a cikin dekin ko a bayan piyopi ya fito inda ya samu gangara. Kada ka rubuta "ramin yana daidai kan gadon". Ka rubuta abin da ka gani kawai.

Malam na Ƙofar Doka: Assalamu alaikum. Tun da an taɓo shari'a, bari in ƙara abin da ke cikin littattafanmu na Malikiyya, domin mas'alar nan tsohuwa ce. A Muhtasar na Shehu Halil, a babin hayar gidaje, an kawo misalin ɗigar rufi da sunanta. Abin da aka tafi a kai shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara, amma in aibin mai cutarwa ne, ɗan haya yana da zaɓi, ya warware hayar ya fita, ko ya zauna. In ya zaɓi zama, kuɗin haya cikakke yana kansa. Ka ga ta nan ma cire kuɗi da kanka ba shi da madogara. Sai dai wannan hukuncin asali ne. Kai kuwa kana da sharaɗi a rubuce cewa mai gida zai kula da rufi da bututu, musulmi kuma suna kan sharuɗɗansu. Ka tuna masa da sharaɗin cikin ladabi.

Abba Kongo: Malam, Allah ya gafarta, amma wannan ai ya fi ƙarfin talaka. A ce mutum ya fita, ya je ina a tsakiyar shekara? Ga kuɗin ejan, ga kuɗin mota, ga makarantar yara. Ni har yanzu ina ganin in ba a taɓa aljihun mai gida ba, ba ya motsi.

Anti Barista: Abba, taɓa aljihun yana da hanya. A nemi shi Alhajin ya rubuta cewa ya yarda a yi aikin a cire daga hayar baɗi, da adadin kuɗin. Masu gida da yawa sun fi son haka, don ba su fitar da kuɗi daga hannu ba. Layi biyu da sa hannu sun isa.

Baban Ilham, na san abin da ke ranka, tsoron kada a ba ka notis. In yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, abin da aka saba ga mai hayar shekara-shekara shi ne notis na wata shida, bayansa na kwana bakwai, sannan kotu. Amma in takardarka ta shekara ɗaya ce tak mai ranar ƙarewa, lissafin yakan canja, don haka ka kai ta wani lauya ya gani da idonsa kafin Fabrairu. Ba zan yanke maka hukunci a kan takardar da ban riƙe ba.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. Mun yi gwajin bula jiya da safe, kiyateka yana tsaye. Bokiti biyu muka zuba cikin bututu ƙarfe takwas, har sha biyu babu ko ɗigo. Yau suka koma wanka a ciki, bakwai da minti arba'in ɗiga ta dawo, ruwa fari. Ga sabuwar wasiƙar:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali.

Ni ne ɗan hayarka na fulat na ƙasa ta hannun dama. Ina sanar da kai cewa ruwa yana ɗigowa daga banɗakin fulat na sama zuwa ɗakin yarana. Ya faru a Maris, Yuni, Satumba, da kuma yanzu tun 9 ga Disamba. Kowane karo na sanar da kiyateka. An yi fenti a Afrilu da Yuli, amma ba a taɓa inda ruwan ke fitowa ba, shi ya sa yake dawowa.

Ɗigar tana zuwa ne bayan wanka da wanki, tana tsayawa in ba a amfani da banɗakin. Ranar 14 ga Disamba, a gaban kiyateka da maƙwabcina, mun zuba ruwa mai bula kai tsaye cikin bututun rariya, bai ɗigo ba. Wannan ya sa muke zaton ruwan ta ƙarƙashin tayil yake bi. Akwai tayil uku da suka saki kusa da rariya.

A halin yanzu piyopi ya kumbura kimanin mita ɗaya, na kashe wutar ɗakin, yara sun bar kwana a ciki, katifa ɗaya ta lalace. Tabon ya fara yin ja, ina tsoron kada tsatsa ta kama rodin dekin. Hotuna shida suna haɗe da wannan takarda.

Bisa yarjejeniyarmu da ta ɗora kula da gini da bututu a wuyan mai gida, ina roƙon abu uku. A turo falamba ya gwada daɓen banɗakin a gaban wakilinka kafin 23 ga Disamba. A gyara tushen yoyon kafin a taɓa silin. Bayan dekin ya bushe a canja piyopin da ya lalace, a duba wayarin ɗakin. Maƙwabcina ya yarda a shiga banɗakinsa duk ranar da aka sa.

In ya fi maka sauƙi in biya kuɗin aikin a cire daga hayar da ke tafe, a shirye nake, in ka amince da adadin a rubuce. Ina kuma neman mu tattauna batun katifar.

Allah ya ƙara girma da lafiya. Na gode."

Hajiya Gyallesu: Wannan ko ni aka kawo wa, a ranar zan kira falamba. Sai dai ni da ka cire maganar katifa. Za ta ja hankalinsa daga babban abu.

Anti Barista: A'a Hajiya, ya bar ta. Abin da bai ambata yau ba, gobe za a ce daga baya ya ƙirƙiro. Layi ɗaya ne, kuma bai sa kuɗi ba. Baban Ilham, ka sa kwanan wata a sama da cikakken sunanka da sa hannu a ƙasa. Ka buga kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka. Ka kuma ɗauki hotonta ka tura wa Alhaji kai tsaye ta WhatsApp, kada ta tsaya a aljihun kiyateka.

Baba Falamba Muciya: Ta yi kyau, musamman da ka ce "muke zaton". Ƙara layi ɗaya, a sake tara ruwa awa 24 bayan an sa maganin hana ruwa, kafin a mayar da tayil. In ba ka nema ba, ba za a yi ba. Kuma ka sa ido, akwai mai zuwa ya cusa farin siminti tsakanin tayil ya ce an gama. Wannan yakan riƙe 'yan watanni ne kawai, tun da tayil ɗin da ya saki motsi yake yi in an taka, ya sake tsaga shi. Aikin gaskiya sai an ɗaga tayil ɗin ƙasa duka, an gyara gangara zuwa rariya. Su na sama za su yi kamar sati ba su shiga banɗakin ba.

Ta wajenka kuma, a cire piyopin da ya jiƙe a bar wurin a buɗe. Ka ci sa'a hunturu ne, iska a bushe take, amma duk da haka ka ba shi sati uku ko huɗu. Ka manna leda da salatif a jikin kankaren ta kwana, in da safe ka ga gumi a cikinta, bai bushe ba. A lokacin ne kuma za a ga ko rodi ne ya yi tsatsa ko waya.

Baban Ilham: Na ƙara layin, na kai. Kiyateka ya ɗan yi jinkiri kafin ya sa hannu, ya ce kamar ƙararsa na kai, na ce masa ban rubuta laifin kowa ba, ya karanta ya gani. Alhaji ya kira ni bayan magariba daga Kaduna. Ya ce fenti ɗaya kawai ya sani, bai san ruwan ya zubo sau huɗu ba. Ya ce falamba zai zo Asabar. Amma ya ce kuɗin tayil sai a raba da na sama, katifa kuma ba ruwansa. Maƙwabcina ya ce shi ba zai biya kuɗin daɓen da ya tarar ba.

Hajiya Gyallesu: Ai na faɗa. Ni a ganina na sama ya kawo ko kuɗin lebura ne, a zauna lafiya.

Abba Kongo: Da wane dalili, Hajiya? Wanka ya yi a banɗaki.

Baba Falamba Muciya: Ku bari a ɗaga tayil tukuna. In an tarar babu komai a ƙarƙashi sai yashi, Alhaji zai gani da idonsa. Baban Ilham, ranar Asabar ka tsaya a wurin lokacin da za a ɗaga na farko, ka ɗauki hoto kafin a share ƙasan, ka turo mana.